A Fara Tambayar Rana Kafin a Tambayi Riba

Duk wanda ya taɓa zama a taron koyar da dabarun tara dukiya, ko ya saurari masu bidiyon waya da ke wa'azin arziki, ya san yadda huɗubar take farawa. Ana ɗaga adadi ɗaya sama, kashi 18 ko kashi 22 cikin ɗari, sai a biyo shi da kalmomi biyu masu sanyaya zuciya: babu haɗari. Wani kuma ya nuna hoton layin kasuwar hannun jari yana hawa kamar tsani, ya ce wanda ya bar kuɗinsa a banki ya cuci 'ya'yansa. Mai sauraro, wanda ya shafe shekara ɗaya da rabi yana matse bakin aljihu har ya tara ajiyar ko-ta-kwana, yakan fita da tambaya guda a ransa: wanne ya fi riba?

Wannan tambaya ce ke jefa masu ƙaramin jari cikin asara, kuma waɗanda suka koya musu ita suna da alhaki. Takardar bashin baitulmali da asusun da ke bin ma'aunin kasuwa kayan aiki ne masu kyau, kowanne da aikinsa, kamar fartanya da galma. Abin da ke raba su shi ne tsawon lokacin da kuɗi zai iya zama a cikinsu ba tare da an tashe shi ba. Saboda haka tambayar da ta kamata ta zo farko ita ce: wace rana za a buƙaci wannan kuɗi? Duk mai ba da shawarar da bai yi wannan tambaya ba kafin ya ambaci riba, talla yake yi.

Malamin makaranta da naira dubu ɗari

A ɗauki misalin malamin sakandare a Kano mai albashin naira 150,000 a wata. Abinci, sufuri, wuta, magani da hidimar yara suna cin naira 130,000, ana rage masa naira 20,000. Ya yi wata goma sha takwas yana ajiye ragowar har ta kai naira 360,000, abin da zai riƙe gidan kusan wata uku idan albashi ya tsaya ko rashin lafiya ta faɗo. Ya ci gaba da tarawa wata biyar, yanzu yana da wata naira 100,000 a gefe. Ita ce kuɗin da ake magana a kai, kuma ita kaɗai.

A manhajar bankinsa akwai wuri da aka rubuta `Treasury Bills`. Takardu ne da gwamnatin tarayya ke cin bashi da su na gajeren zango, kwana 91 ko 182 ko 364. Babban Bankin Najeriya ne ke gwanjonsu a madadin Ofishin Kula da Basussuka, yawanci ranar Laraba bayan kowane mako biyu. Tun shekarar 2017 aka ɗaga mafi ƙarancin abin da mutum zai iya saye kai tsaye a gwanjon daga naira 10,000 zuwa sama da naira miliyan 50, don haka irin malamin nan ta hannun banki ko dillalin hannun jari yake shiga. Su ne ke sayen babban kaso su yanka wa masu ƙaramin ƙarfi, kuma kason da suke bayarwa yakan gaza na gwanjo kaɗan, domin a nan suke cin nasu.

A ce bankin ya nuna masa kashi 18 a kan takardar kwana 364. Mutane da yawa suna ɗauka cewa za su ba da naira 100,000 su karɓi naira 118,000 a ƙarshen shekara. Takardar ba haka take aiki ba. Rangwame ake yi wa mai saye tun farko: takardar da gwamnati za ta fansa a naira 100,000 ana sayar masa da ita ƙasa da haka. Lissafin rangwamen shi ne:

```
100,000 × 0.18 × 364 ÷ 365 = 17,951
100,000 − 17,951 = 82,049
```

Wato malamin zai biya naira 82,049 yau, ya karɓi naira 100,000 bayan kwana 364. Da yake naira 17,951 ɗin a kan naira 82,049 ya same ta, ainihin ribarsa ta kusa kashi 22. Wannan labari ne mai daɗi, kuma masu talla suna son ba da shi. Abin da suke tsallakewa shi ne yadda bankuna da dama ke aiwatar da cinikin: su cire naira 100,000 gaba ɗaya, su mayar wa mutum naira 17,951 a asusunsa na yau da kullum. Kuɗin da ya faɗo asusun cefane kuwa an san makomarsa. Idan ya tafi a buhun shinkafa da ankon biki, a ƙarshen shekara malamin zai tarar da naira 100,000 ɗinsa cif, amma ba za ta sayi abin da take saye bara ba.

Abin da "babu haɗari" ke ɓoyewa

Maganar cewa babu haɗari tana da ma'ana guda ɗaya tak, kuma ƙunƙuntacciya ce: gwamnatin da ke cin bashi da kuɗin da ita ce ke buga shi, da wuya ta kasa mayar da adadin naira da ta yi alkawari. Ko a Gana, lokacin da gwamnati ta sake fasalin basussukanta na cikin gida a 2022 da 2023 har masu riƙe da takardun dogon zango suka ji jiki, an keɓe takardun baitulmali ba a taɓa su ba. A wannan fuska, takardar ta cancanci sunanta.

Sai dai alkawarin adadi ne, bai shafi abin da adadin zai iya saye ba. Idan farashin kaya ya tashi da kashi 30 a shekarar, abin da malamin zai saya da naira 82,049 a yau zai koma naira 106,664. Zai karɓi naira 100,000 yana murna, alhali ya yi baya da fiye da naira 6,600. Idan kuwa hauhawar farashi ta tsaya a kashi 15, kayan za su koma naira 94,356, ya ci gaba da kusan naira 5,600. Takarda ɗaya ce, kaso ɗaya ne, amma sakamakon ya dogara ga abin da babu wanda ya sani ranar saye.

Tarihin baya-bayan nan ya nuna fuskokin biyu. A watan Oktoban 2019 Babban Banki ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida da ba bankuna ba sayen wasu takardunsa na kwashe rarar kuɗi daga kasuwa. Maƙudan kuɗin fansho da na sauran manyan masu jari suka rasa wurin zuwa, suka kwarara cikin takardun baitulmali. Da masu neman ba da bashi suka yi yawa, gwamnati ta daina biyan tsada. Kafin ƙarshen 2020 kason takardar kwana 364 ya faɗi ƙasa da kashi 1, a daidai lokacin da hauhawar farashi ke wajen kashi 15. Duk wanda ya bar umarni a banki cewa a riƙa sabunta masa takardarsa ba tare da an tuntuɓe shi ba, an sabunta masa asara. A ƙarshen 2024 kuma kason ya kai wajen kashi 23, wanda ainihin ribarsa ta kusa kashi 30, yayin da hukumar ƙididdiga ta ba da hauhawar farashi ta watan Disamba a kashi 34.80. Wanda ya saya a lokacin ya yi dace, domin an sauya shekarar da ake gina lissafin a kanta a farkon 2025, kuma alƙaluman hukuma sun sauko ƙasa da kashi 20 kafin shekarar ta ƙare.

Kada wannan ya sa a ce gara a bar kuɗin a asusun ajiya. Ƙa'idar Babban Banki ita ce kuɗin ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na babban kason da bankin ke tsayarwa. Da kason ya kai 27.5 a ƙarshen 2024, abin da ya rage wa mai ajiya kashi 8 ne da ɗoriya, shi ma yana rasa shi a watan da ya cire kuɗi fiye da sau huɗu. Naira 82,049 a irin wannan asusu za ta zama kimanin naira 88,800 a shekara. Takardar baitulmali ta fi shi da fiye da naira 11,000. Aikinta ke nan: ta rage zaizayar kuɗin da ke jiran wata rana ta kusa. Wanda ya sayar wa malamin makaranta ita da sunan hanyar arziki ya yi masa ƙarya.

Dalilin da ajiyar ko-ta-kwana ba ta shiga ciki

Akwai masu ba da shawara da suka fi wayo. Sukan ce: tunda hauhawar farashi na cinye kuɗin da ke kwance, me ya sa za a bar naira 360,000 tana barci? A zuba ta duka a takardar shekara, idan buƙata ta taso ai banki na saye kafin wa'adi. Maganar tana da kama da hankali, har sai an yi lissafin farashin da bankin zai saya.

Banki ba ya duba abin da mutum ya biya. Kason kasuwa na ranar yake dubawa, da kwanakin da suka rage wa takardar. A ce bayan kwana 91 an kwantar da mahaifiyar malamin a asibiti, ya garzaya ya sayar. Saura kwana 273. A ce kuma a tsakanin nan kaso ya tashi, bankin ya ce zai saya a kashi 24:

```
100,000 × 0.24 × 273 ÷ 365 = 17,951
```

Za a ba shi naira 82,049, daidai abin da ya biya wata uku da suka wuce, ko kwabo bai ƙaru ba. Idan bankin ya ce kashi 26 ne, zai karɓi kimanin naira 80,550, ya yi asarar kusan naira 1,500 daga uwar kuɗi a kan abin da aka ce masa babu haɗari. Wannan duk kafin a yi maganar lokaci: cinikin a ranar aiki ake yin sa, ciwo kuwa bai san daren Asabar ba.

Ajiyar ko-ta-kwana tana da aiki guda, ta kasance a hannu cikin awa ɗaya kuma adadinta bai ragu ba. Zaizayar da hauhawar farashi ke yi mata ita ce kuɗin wannan tabbaci, kamar yadda mai shago ke biyan maigadi ko da ɓarawo bai zo ba. Abin da ya dace shi ne a riƙa ƙara mata idan kuɗin cefane ya tashi, a kuma ajiye ta a banki mai lasisi. Hukumar inshorar ajiyar banki ta ɗaga abin da take biya a 2024 daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, kuma da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin shekarar an ga amfanin wannan iyaka. Ajiyar ce ke ba mutum damar barin sauran kuɗinsa su kai ranarsu. Idan aka cinye ta, duk jarin da ke bayanta ya zama abin sayarwa a ranar da mai shi ya fi kowa rauni.

Daidaita takarda da rana

A ce naira 100,000 ɗin malamin gudummawa ce ga kuɗin hayar da zai biya nan da wata goma. Takardar kwana 364 ita ce mai kaso mafi tsoka, kuma ita ma'aikacin banki zai fara nuna masa. Amma za ta nuna ne wata biyu bayan maigidan haya ya ƙwanƙwasa ƙofa, wato malamin zai sayar kafin wa'adi a farashin da ba shi ya zaɓa ba. Takardar kwana 182, a biyo ta da ta kwana 91, sun haɗa kwana 273, wata tara ke nan, kuɗin ya dawo hannu da sauran wata guda. Kasonsu ya fi ƙanƙanta, amma shi ne kason da zai shiga aljihunsa da gaske.

Manomin da ya zuba masara a rumbu da kaka yana jiran bazara ya san wannan ƙa'ida ba tare da an karantar da shi ba, haka ma matar da ta sayi ɗan rago wata shida kafin Layya. Kowannensu ya san ranar da zai fitar da kayansa, kuma ya san cewa wanda larura ta tilasta wa kai kaya kasuwa kafin lokaci, masu saye ne ke yanka masa farashi. Abin mamaki shi ne yadda mutanen da suka gaji wannan hikima suke ajiye ta a ƙofar banki.

Kafin malamin ya danna amincewa, tambayoyi uku sun ishe shi. Nawa ne za a cire daga asusuna yau, kuma nawa ne zai shigo a wace rana, bayan an cire caji da haraji? Me zai faru ranar da wa'adi ya cika, za a dawo da kuɗin ne ko za a sabunta? Idan na so sayarwa kafin wa'adi, yaya ake lissafin farashin? Ma'aikacin da ya kasa amsa ta farko da adadi biyu da kwanan wata ɗaya bai kamata a miƙa masa kuɗi ba.

Ga wanda bai kai ga tara naira 100,000 ba, ko wanda ranarsa ta kai shekara biyu ko uku, Ofishin Kula da Basussuka ya ɓullo da takardar ajiya ta gwamnatin tarayya a watan Maris na 2017. Ana fara saye daga naira 5,000, ana buɗe ta a farkon kowane wata ta hannun dillalan hannun jari, wa'adinta shekara biyu ko uku, ana biyan kuɗin ruwanta duk wata uku. Don irin malamin nan aka yi ta, amma da wuya a ji sunanta a bakin masu wa'azin arziki, domin babu abin burgewa a cikinta.

Asusun bin ma'auni da shekaru goma sha biyar

Ɗaya ɓangaren huɗubar ya fi haɗari, saboda daga waje aka kwaso shi ba tare da an gwada shi da ƙasar nan ba. Littattafan Amurka suna cewa a sayi asusun da ke bin ma'aunin kasuwa, a manta da shi. Tunanin mai kyau ne. Maimakon mutum ya zaɓi kamfani ɗaya ya ɗora masa duk fatansa, sai ya sayi yanki a wani asusu da ke riƙe da hannun jarin kamfanoni da yawa daidai da yadda ma'aunin ya jera su. A kasuwar hannun jari ta Legas akwai irinsu, ana ganinsu da alamar `ETF`, kamar `Vetiva Griffin 30` da ke bin manyan kamfanoni talatin. Faɗuwar kamfani ɗaya ba ta kashe mai irin wannan asusu.

Faɗuwar kasuwa gaba ɗaya kuwa ba ta bar shi. A watan Maris na 2008 babban ma'aunin kasuwar Najeriya ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan haka yana wajen maki 20,000. Wanda ya zuba naira 100,000 a ƙololuwar ya wayi gari da kimanin naira 30,000. Ma'aunin bai sake taka matsayin 2008 ba sai a watan Agustan 2023, bayan shekara goma sha biyar, kuma a lokacin dalar da ake saye wajen naira 118 ta haura naira 700. Gaskiya ne ma'aunin ba ya ƙidaya rabon ribar da kamfanoni ke biya duk shekara, wanda ya rage zafin asarar. Gaskiya ne kuma kasuwar ta yi shekaru masu albarka: ta tashi da kashi 50 a 2020, da kusan kashi 46 a 2023, da kusan kashi 38 a 2024. Mai talla yakan fara hotonsa daga 2020. Mai gaskiya daga 2008 zai fara.

Darasin ba shi ne a guji kasuwar ba. Darasin shi ne wanda ya zuba kuɗi sau ɗaya ya buƙace shi a 2010 ya sha kashi, wanda kuma ya ci gaba da saye kaɗan-kaɗan a shekarun da farashi ke ƙasa ya ci moriyar hawan da ya biyo baya. A nan ne ƙaramin jari ke da wata fa'ida da babba ba shi da ita. A ce malamin ya ware naira 10,000 duk wata domin karatun jami'ar 'yarsa mai shekara shida. A wata na farko yanki ɗaya naira 50 ne, ya samu 200. A wata na biyu farashi ya karye zuwa naira 25, ya samu 400. Idan farashin ya koma naira 50, yankuna 600 ɗinsa sun kai naira 30,000, alhali naira 20,000 ya kashe. Dabarar tana aiki ne bisa sharuɗɗa biyu: farashin ya farfaɗo, kuma mai shi bai sayar ba a lokacin da yake ƙasa. Sharaɗi na farko shekaru yake so. Na biyu ajiyar ko-ta-kwana ce ke tsare shi. Kuɗin da za a buƙata kafin shekara biyar ba shi da abin yi a nan, kuma tarihin kasuwar ya nuna cewa ko goma ba tabbas ba ce.

Akwai wani tarko da littattafan waje ba sa ambata saboda ba matsalarsu ba ce. Cinikin waɗannan asusu a Legas ba shi da yawa, wata rana 'yan yankuna kaɗan ne ke sauya hannu. Saboda haka farashin da ke kan allo yakan rabu da ainihin darajar hannayen jarin da asusun ke riƙe da su, wadda ake rubutawa `NAV`. Idan allo ya ce naira 60 alhali darajar naira 45 ce, mai saye ya biya ƙarin kashi ɗaya bisa uku a kan kayan da bai samu ba. Kamfanin da ke gudanar da asusun yana wallafa wannan daraja, Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ma tana fitar da ita duk mako. Duba ta kafin saye aikin minti biyu ne. Haka nan akwai ladan dillali da cajin kasuwa a shiga da fita, waɗanda ke ƙara tabbatar da cewa mai shiga yau ya fita watan gobe dillali yake yi wa aiki. Dillalin kansa ya kasance mai rajista da hukumar, kuma hannun jarin ya zauna da sunan mai shi a ma'ajiyar `CSCS`, inda zai iya ganin sa ba tare da izinin kowa ba.

Batun da ake kauce wa

Yawancin masu wa'azin arziki suna magana kamar ba su san cewa miliyoyin masu sauraronsu Musulmi ba ne. Takardar baitulmali bashi ne da ake mayarwa da ƙarin da aka ƙayyade tun farko, kuma a wurin jumhurin malaman Musulunci wannan ita ce ribar da shari'a ta haramta. Takardar ajiya ta gwamnati ma haka take. Ɓoye wannan ko lulluɓe shi da kalmar rangwame rashin mutunta mai sauraro ne.

Wanda ya tsaya kan wannan hukunci yana da ƙofofi. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk a watan Satumban 2017, na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara bakwai, ana fara saye daga naira 10,000, kuma abin da ake biyan mai shi kuɗin hayar titunan da aka gina da jarin ne. Akwai asusun `Lotus Halal Equity ETF`, wanda ke bin ma'aunin da aka tace aka cire bankunan kuɗin ruwa da kamfanonin giya. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Ja'iz da Taj, suna karɓar ajiyar mudaraba ta 'yan watanni.

Halascin ciniki bai ɗauke tambayar rana ba. Sukuk na shekara bakwai ko goma ba madadin takardar kwana 182 ba ne, wanda ya zuba kuɗin haya a ciki zai sayar kafin wa'adi a farashin kasuwa. Ma'aunin da aka tace kamfanoninsa kaɗan ne, nauyinsa ya karkata ga 'yan sassa kamar siminti da sadarwa da kayan abinci, don haka yana iya girgiza fiye da na kasuwa duka. Mudaraba kuma rabon riba ce, adadin da aka nuna hasashe ne.

Farashin tambayar da ba ta dace ba

Za a iya cewa duk wannan tsanani bai dace da naira dubu ɗari ba. Amma a wurin malamin, naira dubu ɗari wata biyar ne na tafiya a ƙafa maimakon hawa adaidaita. Kuma illar koya wa mutane su fara da tambayar riba ba ta tsayawa a ƙofar banki. Wanda aka horar ya zaɓi kashi 22 a kan kashi 18 ba tare da ya tambayi daga ina kuɗin ke fitowa ko yaushe zai dawo ba, an riga an shirya shi ya zaɓi kashi 30 a wata. Abin da MMM ta yi alkawari ke nan kafin ta daskarar da asusun mutane a watan Disamban 2016. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana talatin kafin ta rufe a watan Afrilun 2025. Waɗanda suka faɗa ciki ba wawaye ba ne. Sun yi amfani da ma'aunin da aka koya musu ne, suka bi shi har inda ya ƙare.

Malamin da ya raba kuɗinsa gida uku, naira 360,000 da ba a taɓawa, kuɗin haya a takardar da za ta nuna kafin ranar haya, da naira 10,000 duk wata domin yarinyar da za ta shiga jami'a nan da shekara goma sha biyu, ba zai yi arziki bana ba, baɗi ma haka. Abin da zai samu shi ne ranar da maigidan haya ya zo kuɗin na hannu, ranar da kasuwa ta faɗi kuma babu abin da zai tilasta masa sayarwa.